Tara Kuɗi Ce, Amma Dakatar da Parmi Jari Yake Ci

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa da ƴan uwanmu ƴan kasuwa na Magariya da Dungas, yau muna so mu tattauna kan wata ƴar takarda da yawancinmu ba mu taɓa riƙewa ba, amma dukiyarmu tana tafiya a kanta kullum. Wannan takarda ita ce parmi, wato lasisin tuƙin mota. Duk ranar da yaro ya dawo daga Damagaram da labarin ya ci jarrabawa, gida yakan cika da murna, a yi ta barka, uwa ta fara lissafin motar da za a saya masa in an kwashi adashe. Ba mu ga laifin murna ba. Abin da muke tambaya shi ne, cikin mu wa ya taɓa zaunar da yaron nan ya ce masa: to, da wane laifi ake karɓe wannan takarda, kuma in an karɓe, wa zai yi asara?

Wanda duk ya shiga makarantar koyon mota ya san jarrabawar kashi biyu ce. Akwai ta kod, wadda ake amsa tambayoyi kan dokokin hanya, sannan akwai ta tuƙi. A cikin kod ɗin, yara sun fi maida hankali ga allunan hanya da sanin wa ke da ikon fara wucewa a mararraba, domin su ne masu hotuna, su ne masu daɗin koyo. Amma akwai wani babi da akan haddace a gurguje, a amsa, a manta tun kafin a fito daga ɗakin jarrabawa, shi ne babin laifuffuka da tara da dakatar da parmi. Mu a ganinmu wannan babi shi ne ya fi shafar mai mota da mai kaya, kuma ya kamata ɗan kasuwa ya san shi ko da bai taɓa kama sitiyari ba.

Dokar hanya da ƙasarmu Nijar ke aiki da ita ita ce doka mai lamba 2014-62 ta ranar 5 ga watan Nuwamba 2014, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1963. Hukuncin da direba zai iya gamuwa da shi hawa uku ne, kuma tambayoyin kod suna nan suna gwada ko ɗalibi ya bambanta su. Hawa na farko tara, wadda wasu ke ce wa amandi: ka yi ƙaramin laifi, ka biya kuɗi, a ba ka rasit, ka ci gaba da aikinka. Hawa na biyu dakatarwa: parminka yana nan da ransa, amma an hana ka tuƙi na wani lokaci da aka yanke, sai wa'adin ya cika a maido maka. Hawa na uku sokewa: parmin ya mutu ke nan, in kana so ka sake tuƙi sai ka jira lokacin da aka ɗiba maka ya wuce, sannan ka koma ka sake jarrabawa kamar wanda bai taɓa koyo ba.

Ga irin tambayar da ake yi kan wannan. A ce wa ɗalibi: an ci ka tara kuma an dakatar da parminka wata uku, ka je ka biya tarar yau, shin gobe kana iya tuƙi? Yara da yawa sukan ce e, domin a kasuwa mun saba in ka biya bashi magana ta ƙare. Amsar kuwa a'a ce. Tara daban, dakatarwa daban, biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Sai a ƙara tambaya: to in ka hau motar wani, ba taka ba, ko ka yi ɗan gajeren zango daga gida zuwa tasha fa? Nan ma a'a. Ba mota aka dakatar ba, kai aka dakatar. Wanda ya yi tuƙi cikin wa'adin dakatarwa ya aikata sabon laifi wanda ya fi na farko nauyi, irin wanda ba a ƙare shi a bakin titi, sai a gaban alƙali.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata mu riƙe. In jandarma ko ɗan sanda ya karɓi takardun direba a hanya ya ce ya same shi a ofis, wannan ba shi ne dakatarwa ba tukuna. Riƙewa ce har a warware laifin, kuma direba mai hankali yakan nemi a ba shi takardar shaidar cewa parminsa na hannun hukuma, ya kuma je ranar da aka ce. Dakatarwa ta gaskiya hukunci ne da ake yankewa a rubuce, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Abin da ke jefa sababbin direbobi cikin wahala shi ne tsoro da kunya. Yaro ya bar parminsa a ofis, ya kasa gaya wa mai mota, ya ci gaba da lodi da fotokofi a aljihu, ƙaramar magana da za ta ƙare da tara ta zama babba. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Abu na biyu da tambayoyin kod ke gwadawa, wanda kuma mu ƴan kasuwa muka fi takawa, shi ne ajin parmi. Parmi ba ɗaya ba ne. Wanda yawancin yara ke fara samu shi ne mai harafin B, kuma iyakarsa a fili take: motar da nauyinta da kayanta bai wuce kilo 3,500 ba, kuma kujerunta ba su wuce 9 ba har da ta direba. Babbar motar kaya sai mai C. Motar fasinja mai kujeru fiye da haka sai mai D. Saboda haka in aka tambayi ɗalibi ko mai B zai iya jan bas mai ɗaukar mutum 18, amsa a'a ce, ko da kuwa bas ɗin ba kowa a ciki, domin kujerun da ke rubuce a kartigiris ake dubawa, ba mutanen da ke zaune ba. A idon doka, mai B da ke jan wannan bas daidai yake da wanda ba shi da parmin wannan mota sam. Ba a cewa ai yana da rabi.

Haka nan batun nauyi. A cikin takardun mota akwai wurin da aka rubuta PTAC, shi ne iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai da duk abin da ke kanta. Mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce PTAC kilo 3,500 ne, motar kuma ba kaya tana da kilo 1,900. Abin da ya rage a ɗora mata kilo 1,600 ke nan. Direba da yaron mota su ma nauyi ne, a cire musu kamar kilo 140, saura 1,460. In buhun hatsi kilo 100 ne, buhu 14 ne haƙƙin wannan mota. To mu faɗa wa juna gaskiya, buhu nawa muke sa a ɗora mata ranar kasuwa? Mukan tsaya a kan direba mu ce ƙara biyu, ƙara uku, ai jiya wane ya ɗauki 25. Yaron da ya amsa wannan lissafi daidai a ɗakin jarrabawa, mu ne da bakinmu muke sa shi ya karya shi tun makon farko. In aka tare shi, sunan da ke kan parmi nasa ne, amma kayan da za su kwana a hanya namu ne.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, ba don ya faru ga wata da muka sani ba, sai don kowa ya ga kansa a ciki. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Magariya ta tara kuɗi shekara da shekaru ta sayi bas ƴar kwatano mai kujeru 18. Ɗanta ya samu B wata biyu da suka wuce. Ta ce ai gara nata ya ja da a ba bare, ya riƙa jigila tsakanin Magariya da Damagaram ta Bande, ranar Alhamis kuma ya kwashi ƴan kasuwar Maigatari. Mu ce yana kawo mata jika 15 a rana bayan an cire mai da abinci. Wata rana aka kama shi da gudun da ya wuce kima, aka duba aka ga ajin parminsa ma bai dace da motar ba, magana ta kai ga tara da dakatarwa ta wata uku. Hajiya za ta ji zafin tarar, ta biya, ta ɗauka an gama. Amma asarar ba a nan take ba. Kwana 90 sau jika 15, sefa miliyan 1 da dubu 350 ke nan da ba za su shigo ba, sai fa in ta ɗauki wani direba mai D ta biya shi, abin da ya kamata ta yi tun farko.

Nan ne shaiɗan ke shigowa. Mota na tsaye a ƙofar gida, ga zubin adashe ya zo, sai a ce wa yaro ya riƙa fita da asuba ko ya bi ta hanyar daji inda ba shinge. Kwana goma lafiya, kwana ashirin lafiya. Ran nan taya ta fashe, mota ta kife, mutum uku suka karye, kayan mutane suka watse. Yanzu sai Hajiya ta tuna tana da inshora, wadda muke kira asirans, kuma ta biya ta cif.

A nan muke roƙon a saurara da kyau, domin wannan ne ba a faɗa wa mutane ranar da suke yankar asirans. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta bai ɗaya da ake kira CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Wannan doka ta wajabta wa kowace mota inshorar ɓarnar da za ta yi wa wasu. Amma ta ba kamfani damar rubutawa a cikin yarjejeniya cewa ba ya ɗaukar nauyi in direba ba shi da parmi mai aiki wanda ya dace da motar a lokacin haɗarin. Don kada waɗanda suka ji ciwo su tashi a tutar babu, dokar ta ce kamfani ya biya su tukuna, sannan yana da ikon juyowa ya bi wanda alhakin ke kansa ya maido masa kuɗinsa. Ma'ana, kuɗin asibiti da diyyar mutum uku suna iya dawowa gidan Hajiya su kwana. Ban da haka, wannan inshora ta dole ba ta biyan hajar da motar ta ɗauko, ba ta kuma gyara motar kanta. Masu kaya za su zo ƙofar gida, kuma mun san ba kamfani za su nema ba. Ga yaro a gaban alƙali da laifi biyu, ga jari ya tafi. Duk wannan yana cikin amsar tambaya guda da ya haddace ya manta.

Sai kuma wani gargaɗi ga masu koyo. Da yawa daga littattafan kod da tambayoyin da yara ke saukewa a waya, na ƙasar Faransa ne. Allunan hanya kusan iri ɗaya ne da namu, don haka suna da amfani, amma babin hukunci nasu ne, ba namu ba. A can tun 1992 parmi yana da maki 12 da ake zaftarewa da kowane laifi, kuma tun 2004 sabon direba da maki 6 kawai yake farawa, yana zaman gwaji na shekara 3. In aka kama shi da waya a hannu yana tuƙi, tarar Yuro 135 ce, wato sama da jika 88, a kuma cire masa maki 3, rabin abin da ya fara da shi, a tilasta masa kwas na kwana biyu da kuɗinsa. In makin ya ƙare, sai ya zauna wata 6 sannan ya sake jarrabawa. Yaron da ya haddace waɗannan alƙaluma ya zo yana faɗa wa jandarman hanyar Tinkim, ya yi karatun da ba na allonsa ba. Adadin tarar da ke kansa yana cikin dokar 2014 da takardun zartar da ita, kuma haƙƙinsa ne malamin da ya karɓi kuɗinsa ya nuna masa su.

Duk da haka akwai hikima a tsarin nasu da za mu iya ɗauka ba tare da jiran kowa ba. Sun gane cewa shekarun farko su ne masu haɗari, domin hannu ya iya amma ido bai ƙware ba, shi ya sa suka gajarta wa sabon direba igiya. Mu kuwa akasin haka muke yi. Wanda ya samu parmi jiya shi muke ba tafiyar dare, shi muke ba lodin da tsohon direba ya ƙi, saboda shi ba ya musu kuma kuɗinsa kaɗan ne. Araha ba ta ado. Haka kuma wanda zai ƙetare iyaka ya sani cewa daga Babban Mutum ko Maigatari wata doka ce ke aiki. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, tana da nata jerin laifuffuka da tararta a naira, kuma kod ɗin da aka koya a Damagaram bai karantar da shi ba. A tambayi tsofaffin direbobin layin kafin a tura yaro.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce malam, wannan duk zancen takarda ne, a hanya ai ana fahimtar juna, ɗan abin shan ruwa ya kashe magana. Ba za mu yi musun cewa ana yi ba, kuma ba za mu ɗora laifin ga ɓangare ɗaya ba, domin hannu biyu ke yin wannan ciniki. Amma mu duba abin da kuɗin ke saya. Yana sayen wucewar yau kaɗai. Ba ya maida B ya zama D, ba ya rage wa mota nauyi in birki ya ƙi, kuma ranar da aka yi haɗari aka zo rubuta rahoto, ba wanda zai tuna an taɓa gaisawa. Takardar da za ta je gaban alƙali da kamfanin asirans abu biyu za ta faɗa: wane parmi direba ke da shi, kuma yana aiki ko an dakatar da shi. Sannan kuɗin da aka bayar ba rasit ba su goge laifi ba, gobe ana iya sake tambayarsu a shinge na gaba. Wanda ya biya tara ya karɓi rasit ya fi shi kwanciyar hankali, ko da ya fi shi biya.

Wasu kuma za su ce talaka ne, in an hana yaro tuƙi wata uku me gida zai ci? Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma wata uku suna da ranar ƙarewa. Ɗauri da diyya da sokewar parmi su ne ba a san ranar fita daga cikinsu ba. Yaro na iya komawa yaron mota ko ya tsaya rumfa na ɗan lokaci, a ba wani mai takarda motar ko da ribar ta ragu. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara. Duk wanda zai miƙa makullin motarsa, ko ɗansa ne na cikinsa, ya ce a nuna masa parmi na asali, ba fotokofi ba, ya duba harafin da ke ciki, ya gwada da kujeru da nauyin da ke cikin kartigiris. In bai iya karatun boko ba, ɗan makaranta na gida zai karanta masa cikin minti biyu. Ya riƙa neman ganin parmin nan lokaci lokaci, domin ranar da direba ya fara cewa ya manta shi a gida, to akwai magana. Ya kuma yi masa alkawari tun farko cewa in an karɓe takardunsa ya faɗa a ranar, ba za a kore shi don ya faɗi gaskiya ba. Ke kuma uwa mai kaya da ba ki da mota, kina da baki a tasha. In kin ga an ɗora abin da ya fi ƙarfin mota, ki sauke naki ki jira ta gaba, jinkirin awa ɗaya bai kai asarar jarin shekara ba.

Ga masu makarantun koyon mota, muna roƙo su daina barin babin hukunci sai daren jarrabawa, su koyar da shi da dokar ƙasarmu, su kuma fassara shi da Hausa ga wanda faransancinsa bai yi ƙarfi ba. Ga hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, da shugabannin sandikan direbobi, muna kira da a rubuta jerin laifuffuka da kuɗin tarar kowanne da Hausa, da boko da ajami, a manna a tashoshin Magariya da Dungas da Bande da Waca, a kuma riƙa karanta shi a gidajen rediyon karkara ranar jajibirin kasuwa. In kowa ya san farashi, ciniki a bakin shinge zai ragu, mu ƴan kasuwa mun fi kowa sanin haka.

Yaranmu da suka ci jarrabawa muna taya su murna, muna kuma roƙonsu su koma su sake buɗe wancan babi da suka tsallake, wannan karo tare da wanda ya saya musu mota. Allah ya tsare mana hanya, ya kare dukiyar bayinsa, ya sa mu je kasuwa lafiya mu dawo lafiya, amin.